Sashen darussa a rahoton rufe aiki: wasiƙa ce zuwa ga waɗanda za su gaje ka

Duk aikin da aka ware wa kuɗi aka kuma yanka masa wa'adi, ko ginin asibiti ne, ko haƙa rijiyoyin burtsatse, ko shirin rigakafi, akwai ranar da za a rufe shi. A ranar ne shugaban aikin yake miƙa rahoton rufewa: ga abin da aka ce a yi, ga abin da aka yi, ga kuɗin da aka kashe, ga kayan da suka rage da wanda aka danƙa wa. Can wajen ƙarshen rahoton akwai wani sashe da ake kira darussan da aka koya. Sauran sassan duka hisabi ne ga waɗanda suka ba da kuɗi. Wannan sashe shi kaɗai ne ake rubutawa domin mutanen da ba su zo ba tukuna, wato ma'aikatan da za su ɗauki irin wannan aiki baɗi ko bayan shekara biyar, waɗanda mai yiwuwa ba za su taɓa haɗuwa da marubucin ba.

Wanda ya saba karanta irin waɗannan rahotanni ya san abin da yakan tarar a wurin. A inganta sadarwa. A riƙa tuntuɓar masu ruwa da tsaki tun da wuri. A ƙara tsari wajen sayen kaya. Babu ƙarya a cikinsu ko ɗaya, amma za ka iya ɗauke su daga rahoton ginin makaranta ka liƙa su a rahoton raba takin zamani ba tare da ka sauya ko harafi ba. Jimlar da ta dace da kowane aiki ba ta faɗi komai game da aikin da aka yi ba. Sabon shugaban aiki zai karanta ta, ya gyaɗa kai, ya tafi ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa, domin an ce masa ya yi hankali amma ba a nuna masa inda ramin yake ba.

Dalilin haka sananne ne. Sashen darussa shi ake rubutawa a ƙarshe, lokacin da kasafi ya ƙare, rabin ma'aikata sun watse neman wani aiki, wanda ya rage kuma ya gaji. Ga tsoro: rahoton zai je hannun masu ba da tallafi, kuma kowa yana fatan su sake ba da wani. Sai a zaɓi kalmomin da ba za su ɓata wa kowa rai ba. Abin da nake son nunawa shi ne yadda darasi na gaske yake, kuma mafi kyawun misalin da na sani ya fito ne daga wani aiki da ya lalace a idon duniya, inda babu halin ɓoyewa.

Kumbon da ya ɓace a 1999

A ranar 11 ga Disamba 1998 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani kumbo mai suna Mars Climate Orbiter, domin ya je ya riƙa zagaya duniyar Mars yana nazarin yanayinta. Kamfanin Lockheed Martin ne ya ƙera shi a jihar Kolorado, masu lissafin hanyarsa kuma suna cibiyar JPL a Kalifoniya. Bayan tafiyar wata tara da 'yan kwanaki, a ranar 23 ga Satumba 1999, kumbon ya kunna injinsa domin shiga zagaye, ya ɓuya a bayan Mars kamar yadda aka tsara, amma daƙiƙa 49 kafin lokacin da ake tsammani. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

An tsara ya wuce ta saman Mars da tazarar kilomita 226. Ƙasa da kilomita 80 ba zai tsira daga iskar duniyar ba. Da aka sake lissafi daga baya, sai aka ga ya sauko har wajen kilomita 57.

Labarin da ya karaɗe duniya shi ne an rikita ma'auni, kuma gaskiya ne. A cikin kumbon akwai wasu faya-fayai masu juyawa da ke riƙe shi kada ya karkace. Hasken rana yana ɗan tura farantin solarsa, sai faya-fayan su yi ta ƙara gudu domin su daidaita shi. In gudun ya yi yawa, sai a kunna ƙananan injina su rage musu nauyi. Kowace kunnawa tana ɗan gusar da kumbon daga hanyarsa, saboda haka dole masu lissafi a ƙasa su san ƙarfin kowace turawa. Wata manhaja a ƙasa mai suna SM_FORCES ce take lissafa wannan ƙarfi ta zuba shi a fayil. Takardar yarjejeniyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta ce a ba da lambobin da ma'aunin niyuton. Manhajar kuwa da ma'aunin fam take fitar da su. Fam ɗaya na ƙarfi daidai yake da niyuton 4.45, don haka duk turawar da aka yi, masu lissafi sun ɗauke ta ƙasa da rubu'in ainihinta. Kamar mai awon hatsi ne yana zubawa da babban kwano, mai rubutu yana ƙirgawa a kan ƙarami ne, aka yi wata da watanni a haka.

Da a ce nan kwamitin bincike ya tsaya, da darasinsa zai zama a riƙa kula da ma'auni, kuma da bai fi jimlolin da muka ambata a sama amfani ba. Kwamitin, ƙarƙashin Arthur Stephenson, ya fitar da rahotonsa na farko ranar 10 ga Nuwamba 1999. Rahoton bincike ne, ba na rufe aiki ba, amma an rubuta shi ne da manufar da ya kamata kowane sashen darussa ya ɗauka. Akwai wani kumbo, Mars Polar Lander, da zai sauka Mars ranar 3 ga Disamba, ƙasa da wata guda ke nan, kuma cibiya ɗaya da kamfani ɗaya ne suke tafiyar da shi. Marubutan sun san waɗanda za su karanta, sun san ranar da za a buƙaci abin da suka rubuta. Wannan ya hana su yin magana a dunƙule.

Abin da suka tono bayan tushen matsalar

Kwamitin ya ware tushen matsala guda ɗaya, wato ma'aunin, sannan ya jera dalilai takwas da suka sa kuskuren ya rayu har ya kashe kumbon. A nan ne amfanin yake, domin kuskure irin wannan ana yinsa a kowane aiki. Tambayar da ke amfanar na baya ita ce me ya sa ba a kama shi ba.

Ga kaɗan daga amsoshin. Masu lissafin hanya sun saba da wani kumbo da ya riga wannan, mai farantan sola biyu, ɗaya a kowane gefe. Wannan kuwa farantinsa ɗaya ne a gefe guda, don haka rana ta fi karkatar da shi, ana kunna ƙananan injinan fiye da yadda suka zata har ninki goma zuwa goma sha huɗu. Ƙaramin kuskuren sai ya riƙa taruwa da sauri. Sannan a watanni huɗu na farkon tafiyar ba a ma yi amfani da fayilolin ba saboda wasu kurakurai na tsarinsu. Sai a watan Afrilun 1999 aka fara, kuma nan da nan masu lissafi suka ga lambobin ba sa daidaituwa da abin da suke gani. Sun yi magana. Amma maganar ta tsaya a saƙonnin imel tsakanin mutane. Cibiyar tana da fom na musamman da ake cikewa in an ga abin da ba a gane ba, wanda in an buɗe shi dole a bi shi har a warware kafin a rufe. Ba a cike shi ba. Haka kuma rukunin masu lissafin ba su da yawa, ga kumbuna uku a wuyansu lokaci guda.

A makon ƙarshe, bayan gyaran hanya na huɗu da aka yi ranar 15 ga Satumba, lissafi ya nuna tazarar ta sauko zuwa tsakanin kilomita 150 da 170. Ana saura kusan awa ɗaya ta nuna wajen 110. Akwai damar yin gyara na biyar, an kuma tattauna shi da baki, amma ba a shirya shi tun farko ba, ba a gwada shi ba, ba a kuma ajiye ƙa'idar da za ta ce in lamba ta kai kaza dole a yi shi ba. Sai aka bari.

Cikin dalilai takwas ɗin akwai rashin isasshiyar sadarwa tsakanin ɓangarorin aikin, wato ita dai jimlar nan da ta cika rahotanni. Bambancin shi ne a nan an faɗi wane ɓangare ne bai san me ba, a wane wata aka ga alama, ta wace hanya aka yi maganar, da wace hanya ya kamata a bi. Shawarwarin ma haka suke: a bi duk bayanan da ke wucewa tsakanin cibiyar da kamfanin a tabbatar ma'auninsu ya dace da takardar yarjejeniya, a ƙara masu lissafi, a shirya gyaran hanya na biyar a matsayin abin da za a yi. Kowace shawara aiki ce da za a iya ba mutum ɗaya, a dawo bayan mako a tambaye shi ko ya yi.

Gaɓoɓin darasi

Daga wannan misali ana iya ganin abin da darasi cikakke yake ƙunshe da shi. Ana fara faɗin abin da aka zata zai faru, domin yawancin matsaloli daga wani zato suke tasowa wanda ba wanda ya tsaya ya gwada. Sai abin da ya faru, da lokaci da adadi. Sai dalili, kuma ba a tsayawa a dalilin farko da ya zo baki, ana ci gaba da tambayar me ya sa har a kai ga abin da mutum zai iya sauyawa. Sai alamar da aka gani ko da za a iya gani tun da wuri. Daga ƙarshe sai umarni: a yi kaza, a mataki kaza, mai muƙami kaza ne zai yi.

Mu sauko da shi ƙasa da wani misali na ƙaddarawa. A ce wata ƙungiya ta haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, ta sa musu famfunan hannu, kafin a rufe aikin wasu sun fara fitar da jan ruwa, mata sun koma rafi. Rahoton da aka saba zai ce a ƙara wayar da kan al'umma kan kula da famfo. Wannan jimla ta ɗora laifi a kan mutanen ƙauye, alhali ba ta binciki komai ba. Wanda ya tono zai iya rubuta abu kamar haka:

Mun sayi famfuna iri ɗaya masu bututun ƙarfe domin dukkan ƙauyukan tun kafin a fara haƙa, bisa zaton ruwan yankin iri ɗaya ne. A ƙauyukan da ke kan dutse ruwan ya fito da tsami, ma'aunin pH ɗinsa ƙasa da 6.5, bututun suka yi tsatsa cikin shekarar farko. Mun gwada ruwan, amma sakamakon ya zo bayan an riga an biya kuɗin famfunan, kuma takardar kwangilar ba ta ba da damar canji ba. Alamar farko ita ce ruwan safe yakan fito ja, ya washe bayan an ɗan buga. Mai sayen kaya na aiki na gaba kada ya ba da odar famfo sai injiniya ya sa hannu a sakamakon gwajin ruwan kowace rijiya. Inda ya gaza 6.5, a sa bututun roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Layi kaɗan ne, amma wanda bai taɓa taka yankin ba zai iya ɗaukarsa ya gyara jadawalinsa gobe da safe. Ya san abin da zai jinkirta, ya san wa zai sa hannu, ya san abin da zai tambayi mata masu ɗiban ruwa in ya kai ziyara. Ya kuma san iyakar darasin: maganar ruwa mai tsami ce, ba a ce bututun ƙarfe ba shi da amfani ko'ina ba. Faɗin iyaka yana da muhimmanci, domin darasin da aka baza shi fiye da inda ya tsaya yakan jawo asarar kuɗi a wurin da babu matsalar.

Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. A miƙa sashen ga wani ma'aikaci da bai shiga aikin ba, a tambaye shi me zai yi daban in shi aka ba aikin. In ya yi shiru, ko ya maimaita maganar da kowa ya sani, a koma a sake rubutawa.

Gaskiya ba tare da farautar mai laifi ba

Wurin da ya fi wuya shi ne gaskiya. Mutane ba sa ɓoye kuskure don mugunta. Suna ɓoyewa ne don sun ga abin da ya sami wanda ya faɗa. In taron tattara darussa ya zama zaman kotu, kowa zai zo da kariyarsa, abin da za a rubuta kuma shi ne abin da ya rage bayan kowa ya cire nasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai shugaba ya nuna haka a aikace kafin na ƙasa su yarda. Hanyar da na ga ta fi ita ce shugaban aikin ya fara da shawarar da shi kansa ya yanke wadda ba ta yi kyau ba, ya faɗi abin da ya sani a lokacin da ya yanke ta.

A rubuce kuma, a ambaci muƙami da mataki, a bar sunan mutum. Rahoton kumbon ya yi magana a kan rukunin masu lissafin hanya da rukunin masu kula da kumbo, da gwajin manhaja da ba a yi yadda ya kamata ba. Da an ce wane ne ya yi kuskure, da an kore shi an huta, ƙofar da kuskuren ya bi kuma tana nan a buɗe ga wanda zai gaje shi. Sai dai akwai wani ɓoyo da ke fakewa a nan, wanda ya kamata a gane shi. An samu jinkiri, an fuskanci ƙalubale, ba a samu fahimtar juna ba: irin waɗannan jimloli ba su da mai aikatawa ko kaɗan. Barin suna daban, goge abin da ya faru daban. A ce ofishinmu ya riƙe takardar biyan ɗan kwangila mako shida saboda mai sa hannu mutum ɗaya ne kuma ya yi tafiya. Ba a kunyata kowa ba, amma an faɗi abin da za a gyara: a naɗa mai sa hannu na biyu.

Wani nau'in rashin gaskiya shi ne jingina komai ga abin da ya fi ƙarfin ma'aikata: damina, tsadar kaya, canjin gwamnati, jinkirin sakin kuɗi. Waɗannan suna faruwa, amma damina ba ta zuwa ba zato. In motar haƙa ta kasa shiga ƙauye a watan Agusta, darasin yana ga wanda ya tsara haƙa a watan Agusta, da dalilin da ya sa jadawali ya zame har ya kai can. Haka nan nasara tana buƙatar irin wannan bincike. In wani abu ya tafi daidai, a faɗi abin da aka yi har ya tafi daidai, in kuma sa'a ce kawai a faɗa, kada na baya ya dogara da ita. Abin da ya kusa faruwa Allah ya kiyaye, shi ma a rubuta shi, domin darasi ne da aka samu ba tare da an biya kuɗinsa ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa in sai a makon ƙarshe za a fara tunowa. Bayan shekara biyu ba wanda zai tuna a wane wata aka fara ganin alama, kuma kowa zai tuna labarin ta fuskar da ta fi masa daɗi. A ajiye littafi tun ranar farko, duk abin da ya zo ba yadda aka zata ba a rubuta shi da kwanan wata. A ƙarshen kowane mataki a zauna na ɗan lokaci. Sojojin Amurka suna da irin wannan zama da suke yi bayan kowane atisaye, a kan tambayoyi huɗu: me aka yi niyya, me ya faru, me ya kawo bambancin, me za a yi nan gaba. A gayyaci direba da mai kula da sito da ɗan kwangila da wakilan waɗanda aka yi aikin dominsu, domin su ne sukan fara ganin matsala tun kafin ta iso tebur. Daga littafin nan sai a zaɓi kaɗan masu nauyi. Darussa biyar da aka tono sun fi arba'in da aka jera, domin arba'in ba wanda zai karanta.

Ko darasin yana isa inda aka aika shi?

Rubutu mai kyau ma yana iya mutuwa a cikin kabad. Bayan asarar kumbunan Mars, ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya duba yadda NASA take amfani da darussanta, ya fitar da rahoto a 2002. Hukumar tana da rumbun darussa a kwamfuta, amma binciken ya gano shugabannin ayyuka ba su cika leƙa shi ba, ba su kuma cika zuba nasu a ciki ba. Cikin dalilan da suka bayar akwai rashin lokaci, da jin cewa ba a yafe kuskure. In haka ta faru a hukumar da ke da kuɗi da masana irin wannan, ƙaramar ƙungiya ko ma'aikatar jiha ba ta da dalilin zaton rahotonta zai karanta kansa.

Maganin shi ne kada a bar darasi a matsayin labari. A mayar da shi cikin takardun da dole na gaba ya taɓa: sharaɗi a takardar kwangila, layi a jerin abubuwan da ake dubawa kafin a biya kuɗi, wata a jadawali, adadi a kasafi. Darasin bututun nan, in ya zama sharaɗi a fom ɗin odar kaya, zai yi aiki ko da ba wanda ya sake buɗe rahoton. Shi ya sa kowane darasi yake buƙatar wanda aka ɗora wa alhakin shigar da shi inda ya dace, da ranar da zai gama, kafin a sa hannu a rufe aikin.

Muna da misalin darasin da ya isa, a ƙasarmu. Bankin Duniya yana da ƙa'idar a rubuta rahoton kammalawa cikin wata shida bayan rufe kowane aikin da ya ba da rance dominsa, da sashen darussa a ciki, wani ofishi mai zaman kansa a bankin kuma ya sake duba shi. Shirin Fadama na farko a Najeriya, wanda aka amince da shi a 1992, ya mai da hankali ne kan ƙananan rijiyoyi da injinan ban ruwa domin noman rani. Noma ya ƙaru, amma an lura da giɓi biyu. An kula da manomi an bar makiyayi da masunci, alhali su ma da fadamar suke rayuwa, wanda hakan ya ƙara rikici a kan ƙasa da ruwa. Sannan an taimaka wajen nomawa ba a kula da adanawa da sarrafawa da kai kaya kasuwa ba. Da aka zo Fadama na biyu, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2003, sai aka gina shi a kan ƙungiyoyin masu amfani da fadama, manoma da makiyaya da masunta da mata masu sarrafa amfanin gona, su zauna su tsara abin da suke buƙata tare, aka kuma shigar da hanyoyin karkara da kayan sarrafawa. Ba a ce rikici ya ƙare ba. Amma abin da aka koya ya sauya tsarin aikin da ya biyo baya, kuma ya sauya ne saboda an ambaci waɗanda aka bari a baya da sunan sana'arsu.

Akwai iyaka da ya kamata a faɗa. Kumbo na biyu, Mars Polar Lander, shi ma ya ɓace ranar 3 ga Disamba 1999, duk da rahoton da aka rubuta dominsa. Ba ma'auni ne ya kashe shi ba. Masu bincike sun fi kyautata zaton girgizar buɗewar ƙafafunsa ce ta sa na'urarsa ta ɗauka ya riga ya taɓa ƙasa, ta kashe injin yana sama da kusan mita 40. Darasi yana toshe ramin da aka riga aka gani ne kawai. Wannan ya sa dalilan da ke bayan kuskure, irin su gwajin da ba a kammala ba da ƙarancin ma'aikata da damuwar da ba ta bi hanyar da za a warware ta ba, suka fi kuskuren kansa daraja a rubuce, domin su ne suke sake fitowa da wata fuska a aiki na gaba.

Masu ba da tallafi da shugabannin ma'aikatu suna da nasu kason. Muddin rahoton da ya faɗi gaskiya yana jawo wa marubucinsa rasa aiki na gaba, rahotanni masu santsi za su ci gaba da zuwa teburinsu. In rahoton rufe aiki ya iso gare ku babu ko abu ɗaya da ya tafi ba daidai ba a sashen darussansa, ku mayar da shi a sake rubutawa. Kafin ku sa hannu a kan sabon aiki kuma, ku nemi a nuna muku darussan wanda ya gabace shi, da wurin da kowannensu ya shiga cikin sabon tsarin.